Kafin in ɗauko hanya daga Jidda, me zan tambayi mai neman haya a waya?

Ummu Faisal: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haya. Gidan Hajiyarmu da ke Rusaifa a Makka hawa biyu ne. Ita tana ƙasa, sama kuma shiƙƙa ce mai ɗaki uku da falo da banɗaki biyu. Mitar wutarta daban take, amma tankin ruwa ɗaya ne. Wanda ya daɗe a ciki ya koma gida, yanzu mun sa ta riyal 24,000 a shekara, biya biyu. Ni ce ke riƙe da wakalar Hajiya, ni kuma aikina a Jidda yake, sai Juma'a da Asabar nake samun zuwa. Duk wanda ya kira, kafin mu gama gaisawa ya ce yaushe zai zo ya gani. Ba na son Hajiya ta riƙa buɗe wa baƙi ƙofa ita kaɗai, ba kuma zan riƙa ɗauko hanya saboda wanda tun farko gidan bai dace da shi ba. To me ya kamata in tambaya a waya kafin in sa wa mutum lokaci, ba tare da na ci masa fuska ba?

Musa Sabon Zuwa: Wa alaikumus salam Anti. Don Allah babu ragi? Mu huɗu ne muna aiki wuri ɗaya, za mu iya haɗawa duk wata. Ko ɗaki ɗaya ma a ciki ya ishe mu.

Ummu Faisal: Ƙanena ba talla na kawo ba, shawara nake nema. Kuma gidan na iyali ne, tsohuwa ce a ƙasa. Allah ya haɗa ku da naku.

Ɗanladi Direba: Hajiya abin ba wuya. Ki ce ya turo hoton iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, da takardar shaidar albashi kafin ma ku yi magana. Wanda ya turo da gaske yake, wanda ya yi shiru kin huta. Haka mai gidanmu yake yi.

Abu Hafsa: Wa alaikumus salam Ummu Faisal, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. A ofishin dillancin gidaje nake aiki a nan Jidda, ɗaga irin wannan wayar ce sana'ata tun safe. Malam Ɗanladi ya kama bakin zaren da ya ambaci iƙama, sai dai ban goyi bayan neman hoto a kiran farko ba. Mai hankali ba zai tura hoton iƙamarsa ga lambar da bai san mai ita ba, saboda masu damfara ma haka suke farawa, su saka hoton gidan da ba nasu ba su yi ta tara takardun mutane. Sai ki kori nagari ki rage da wanda bai damu da inda takardarsa ta faɗa ba. Kuma hoto ba ya gaya miki abin da kike son sani, tunda ana iya turo na wani.

Tambayar da nake farawa da ita bayan gaisuwa ita ce: "Da sunan wa za a rubuta yarjejeniyar a Ejar?" Shi ke nan, sai in yi shiru in saurara. Ejar ita ce manhajar gwamnati da ake yi wa yarjejeniyar haya rajista a cikinta. Ba na cewa kana da iƙama ko ba ka da ita, domin wannan kowa zai ce e, kuma ɗan ƙasa zai ji haushin tambayar. Amma in kika tambayi sunan da za a sa, amsa iri uku ce ke zuwa. Wani zai ce da sunana. Wani zai ce da sunan kamfaninmu. Wani kuma zai ɗan yi jim, ya ce ai da sunan yayana za a yi, ko abokina, ko ya ce Hajiya ba sai mun yi Ejar ba, mu rubuta takarda tsakaninmu. Na ukun nan shi ne wanda kike son ganewa tun kina zaune a Jidda.

Dalili kuwa, yarjejeniyar da aka yi wa rajista a Ejar ita ce makaminki in abu ya ɓaci. Da ita za ki tafi kai tsaye kotun zartarwa ki nemi kuɗinki, ba sai an fara doguwar shari'ar tabbatar da cewa akwai haya ba. Amma wanda sunansa ke kanta shi kaɗai take kamawa. In wani ne a takarda wani ne a ɗaki, ranar da kuɗi ya tsaya na takarda zai ce ni taimako na yi ban taɓa kwana a gidan ba, na ɗaki kuma ya ce ni ban sa hannu a komai ba.

In ya ce da sunansa, sai ki bi da guda biyu ƙanana. Iƙamar tana da rai, kuma wane wata za ta ƙare? Sannan layin da yake kira da shi, shi ne wanda ke kan Absher ɗinsa, wato asusunsa na manhajar ma'aikatar cikin gida? Domin sai an turo masa saƙo ya amince da kansa kafin yarjejeniyar ta tabbata. Sau da yawa sai an gama ciniki an zo ofis a tarar iƙama ta mutu, ko layin yana hannun wani da ya yi tafiya.

Ɗanladi Direba: To Malam ai maganata ce ka dawo kanta, iƙamar dai.

Abu Hafsa: Ita ce, lokacin ne ya bambanta. A waya ka tambaya da baki, ranar ganin gida ya buɗe maka a wayarsa ka gani da idonka. Ba wanda ya riƙe takardar wani.

Hajiya Talatu Misfala: 'Yata Ummu Faisal, duk abin da Abu Hafsa ya faɗa gaskiya ne, amma shi mutumin Jidda ne, akwai abin da sai mu na Makka. Ki tambayi mutum me yake yi da gida a watan azumi da lokacin aikin hajji. Ni na taɓa ba wani bawan Allah sama, shi da matarsa da jariri, mutum mai fara'a, sallah ba ta wuce shi. Wata bakwai ban ji motsinsu ba. Azumi na kamawa sai na ga an shigo da katifu a mota. Matar ya kai ta gidan iyayenta, ya shimfiɗa wa masu umara katifa har cikin kicin. Tankin da ke yi mana kwanaki sai ga shi kullum muna kiran motar ruwa, famfon da ke tura ruwa sama ya ƙone, dare da rana ana hawa ana sauka. Da na yi magana sai ya ce ai baƙin Allah ne, 'yan'uwansa ne daga gida. 'Yan'uwan da ba su san sunansa ba! Ke da kika ce tankinku ɗaya, kuma tsohuwa a ƙasa, wannan ita ce tambayarki ta farko, ba ta Ejar ba.

Malam Isa Jarwal: Hajiya Talatu, ruwa ma ai mai sauƙi ne yanzu. A hajjin 2025 ma'aikatar cikin gida ta sanar da tarar da ta kai riyal 100,000 ga wanda ya ba mai bizar ziyara masauki a Makka daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji, kuma tarar tana ninkuwa da yawan mutanen. Ko da ɗan haya ne ya sauke su, wa zai so jami'ai su tsaya a ƙofar tsohuwa suna tambayar takardun gida?

Ummu Faisal: Wannan ya ban tsoro wallahi. Amma Hajiya yaya zan tambaya? In na ce za ka sa alhazai, ai cewa zai yi a'a.

Hajiya Talatu Misfala: Kada ki ce alhazai. Ki sako shi cikin hira, ki ce Malam kuna yawan samun baƙi daga gida da azumi ko? Bahaushe ba ya musun baƙi, alfahari ma yake da su. Daga nan za ki ji ko uwarsa ce ke zuwa sau ɗaya a shekara, ko kuwa zai fara ce miki ai yana ɗan taimaka wa wani ejan da masauki.

Abu Hafsa: Dabarar Hajiya ta fi tawa a nan, na karɓa. Abin da zan ƙara, bayan kin ji amsarsa ki faɗi sharaɗinki ƙarara tun a wayar: ba a ba wani haya a cikin hayar, kuma za a rubuta haka a yarjejeniya, domin akwai gurbin wannan a cikinta. Mai niyyar katifu ba zai yi miki gardama ba, cewa zai yi to Hajiya zan sake kira, kuma ba zai sake ba. Lissafinsa duka a kan wata biyun nan ya ginu, in kika cire su gidan ya yi masa tsada.

Haka ma yawan mutane. Kada ki ce "ku nawa ne", za a ce miki ni da iyalina. Ki ce "su wa da wa za su riƙa kwana a gidan?" ki bar shi ya lissafa da kansa. A wajen lissafin ne ƙanin mata ke fitowa, da ɗan yaya da ke neman aiki, da wata gwaggo da ta zo umara ba ta koma ba tukuna. Ba duka ne matsala ba. Amma ki san su kafin ki ba da makulli, kuma ki tambaya ko duka suna kan iƙamarsa.

Zainabu 'Yar Damagaram: Ni dai bari in faɗi ta ɓangaren masu neman gidan, tunda duk masu gida ne ke magana. Lokacin da aka rushe unguwanni a Jidda a 2022, mu da muke Gulail muka bazama neman wuri, babu irin tambayar da ba mu sha ba. Ke 'yar wace ƙasa ce, wace ƙabila, mijinki baƙi ne, me kuke dafawa, kuna soya daddawa? Wata ma da ta ji harshena ta kashe wayar. Abin takaici har da 'yan'uwanmu da suka samu takardar ƙasa, su ma sai su ce ba sa ba 'yan Afirka. To Ummu Faisal don girman Allah, in za ki tace mutane, ki tace da abin da ya shafi gidanki. Yarana biyar ne, kuma ban taɓa barin gida da bashin riyal ɗaya ba.

Ummu Faisal: Yaya Zainabu Allah ya huci zuciyarki. Kakanmu da ƙafa ya zo ƙasar nan ta Sudan, ba ni ce zan tambayi mutum ƙabilarsa ba. Amma batun yara kam zan tambaya, ba don ƙin su ba. Ɗakin Hajiya yana daidai ƙarƙashin falon sama, kuma ba ta da barci mai nauyi.

Zainabu 'Yar Damagaram: To ki faɗa masa hakan, ki bar shi ya auna. In aka ce min tsohuwa ce a ƙasa ba ta son gudu bayan isha'i, ni na san yarana, zan ce miki za mu iya ko ba za mu iya ba. Abin da ke da ciwo shi ne a tambaye ka yara nawa, ka faɗa, a ce an riga an ba wani.

Abu Hafsa: Wannan da Zainabu ta faɗa shi ne tsarin kiran ma gaba ɗaya. Kafin ki yi tambaya ko ɗaya, ki fara ba da naki bayanin a minti guda: unguwa kaza, hawa na biyu babu lif, 24,000 biya biyu, ta Ejar, na iyali ne, mai gida tana ƙasa, tanki ɗaya. Da yawa a nan za su sallame ki da kansu. Wanda matarsa ke da ciwon gwiwa ya ji babu lif ya tafi, ba ki tambaye shi komai ba. Wanda ya tsaya kuma ba zai ji kamar a gaban jawazat, jami'an shige da fice, yake ba, tunda ke kika fara buɗe naki.

Bakano a Madina: Tambayar kuɗi fa? Ni a ganina ita ce uwa. Ƙa'ida dai sananniya ce, haya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. 24,000 a shekara 2,000 ke nan a wata, duk wanda albashinsa ya kai 6,000 ya wuce. Ki tambayi albashi kawai ki raba uku.

Abu Hafsa: Malam Bakano, wannan rabon yana aiki ga ɗan ƙasa, ko wanda kamfani ya ɗauke wa nauyin iyali. Ga mai iƙama da ke riƙe da iyalinsa da aljihunsa akwai ramin da rabon bai gani ba, wato kuɗin da ake biya wa kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka. An fara shi a Yulin 2017 da riyal 100 a wata, tun 2020 kuma 400 ne kan kowane kai.

Mu ɗauki mutumin naka mai 6,000, da mata da yara uku. Kai huɗu, 1,600 ke nan duk wata kafin a sayi burodi. A cire hayar 2,000, saura 2,400. A ciki za a ci, a biya wuta, wadda a zafin Makka da na'urar sanyaya ɗaki uku ba wasa ba ce, a sha mai, a biya makarantar yara, a aika gida. Yana iya yiwuwa, na san masu yin sa da ƙasa da haka. Amma ba nan matsalar take ba. Kuɗin iyalin nan ba a wata-wata ake karɓarsa ba, a dunƙule yake zuwa lokacin sabunta iƙama. Na shekara ga kai huɗu 19,200 ne. Ko ya zaɓi sabuntawar wata uku-uku, 4,800 ne a zama ɗaya. Yanzu a ce ya shiga gidan a watan Maris ya biya 12,000, biya na biyu zai faɗo a Satumba. In iƙamarsa ma a Satumba take ƙarewa, kuɗi biyu sun haɗu a wata ɗaya, kuma kowa ya san wanda zai fara biya. Ba zai bar iƙamar 'ya'yansa ta mutu don hayar Hajiya ba, ni ma da ni ne ba zan bari ba.

Shi ya sa na ce a tambayi watan da iƙama ke ƙarewa. Ba don a hana shi gida ba ne. In kin ga sun yi karo, tun a waya sai ki ce Malam me zai hana mu raba huɗu, 6,000 duk wata uku, ko ma wata-wata? Ejar tana karɓar duk wannan tsarin. Mutumin kirki da aka daidaita wa lokacin biya ya fi mai kuɗin da zai tashi bayan shekara.

Ummu Faisal: To amma ni fa kunyar tambayar namiji albashinsa nake, balle wanda ya girme ni.

Baba Haruna: Kuma kunyar taki tana kan hanya, 'yata. Mu a zamaninmu ba a tambayar magidanci abin da yake samu. Ana tambayarsa wa ya sani. In ya ce ya san Malam wane a Shari'u Mansur, ko limamin masallaci kaza, sai a aika a tambaya, magana ta ƙare. Yau shekaru masu yawa ina ba da haya a haka, kuma da wanda ya cuce ni da wanda ya rufa min asiri duk ta wannan hanyar suka zo, ba zan ɓoye ba. Amma ko wanda ya cuce ni, wanda ya kawo shi ya zo ya zauna an sasanta. Na'ura ba ta zuwa gidanka ta ba ka haƙuri.

Abu Hafsa: Allah ya ƙara girma Baba. Ba na jayayya da ku, sanayya tana da amfani, musamman gidan da za a zauna da tsohuwa. Sai dai a haɗa biyun. Ummu Faisal, ba sai kin ambaci albashi ba. Ki ce "a ina Malam yake aiki, kuma an jima a wurin?" Sannan "wurin aiki ne ke biyan kuɗin gida da na iyali, ko kai ne?" Sannan "biyan farko yana hannu, ko sai an jira wani abu?" Ukun nan babu wadda za ta sa dattijo ya ji an raina shi, kuma sun fi adadin albashi faɗin gaskiya. Wanda ya ce a ba shi makulli yanzu, kuɗin sai ƙarshen wata in kafili ya sallame shi, kin ji yadda biya na biyu zai kasance.

Ki kuma sanar da shi cewa ta Ejar za a biya, da katin banki na mada ko tsarin biyan kuɗi na SADAD. Tun 15 ga Janairun 2024 aka mayar da biyan hayar gidajen zama ta can. Mai cewa shi sai dai tsaba hannu da hannu, ki tambaye shi dalili. Wani tsoho ne bai saba ba, ɗansa zai yi masa. Wani kuwa asusunsa a rufe yake, ko don iƙama ko don wani hukunci, kuma gara ki ji tun yanzu.

Bakano a Madina: Na yarda da lissafin iyali, ban sa shi a kai ba tunda ni ɗalibi ne. Amma har yanzu ina ganin tambayar albashi kai tsaye ba laifi ba ce. Banki ma tambaya yake, kuma ba wanda ke fushi.

Baba Haruna: Banki ba maƙwabcinka ba ne, ɗana. Wannan za ku haɗu a matakala kullum.

Malam Isa Jarwal: Akwai guda da ba a ambata ba: me ya sa zai bar inda yake, kuma yaushe yarjejeniyarsa ta can ke ƙarewa? Ni da ita nake gane mutum. Wanda ya ce an ƙara masa kuɗi, ko iyali sun ƙaru, ko an sauya masa wurin aiki, wannan magana ce. Wanda ya fara zagin tsohon mai gidansa tun kafin ka gama tambaya, azzalumi ne, matarsa mayya ce, to kai ne na gaba a labarin. Sannan ina ce masa zan iya gaisawa da mai gidan naka? Ba lallai in kira ba ma, yadda ya amsa ya ishe ni.

Zainabu 'Yar Damagaram: Malam Isa a nan ma a yi hattara. Akwai azzaluman masu gida da gaske. Kuma mai gidan da ke son rabuwa da mugun ɗan haya ai yabonsa zai yi maka, don ka ɗauke masa kaya. Sannan mu da aka rushe wa gida wane mai gida za mu ba ka? Shi ma neman wuri yake.

Malam Isa Jarwal: Wannan ta biyun kam kin kama ni. Shi ya sa wasu ke neman wanda ya gabaci na yanzu, shi ba ya da abin da zai ci ko ya rasa.

Ɗanladi Direba: Ku tambayi mota ma. Lungunan Rusaifa wasu mota ɗaya ce ke wucewa. In mutum yana da babbar motar ɗaukar kaya ko motoci biyu, rigima da maƙwabta ce daga ranar farko, kuma ƙofar Hajiya za a zo ana bugawa.

Ummu Faisal: Wallahi Malam Ɗanladi ka taɓo wuri, gurbin mota ɗaya ne a ƙofar, kuma in na zo ni ke tsayawa a nan.

Bari in ba ku labarin wanda ya kira ɗazu bayan la'asar, na gwada abin da kuka ce. Na fara da bayanin gida, bai ja da baya ba. Ma'aikacin wani otal ne kusa da Harami, ya ce ya daɗe a wurin. Shi da matarsa da yara biyu, duka a kan iƙamarsa, tana ƙarewa bayan wata takwas, kuma shi ke biya musu. Biyan farko yana hannu. Baƙi da azumi ya ce surukarsa ce kawai ke zuwa, ta koma kafin Shawwal ya ƙare. Mota ɗaya ƙarama. Komai ya tafi daidai sai da na zo kan suna. Ya ce da sunan yayansa yake so a rubuta, wai shi akwai tsohuwar yarjejeniya a kansa da mai gidan bai rufe ba, suna da ɗan saɓani kan gyaran banɗaki. Muryarsa dai ta mutumin kirki ce, kuma bai ɓoye ba, shi ya faɗa da kansa. In sa masa lokaci ran Asabar ko in bari?

Hajiya Talatu Misfala: Ki bari. Ɗan saɓani a bakin ɗan haya bashi ne.

Abu Hafsa: Ni ba zan ce ki bari ba, ba kuma zan ce ki taso ba tukuna. Ki sake kiransa da tambaya biyu. Ta farko, saɓanin nawa ne, kuma ya kai kotu? In kuɗin gyara ne na ɗari biyar ko dubu, a mako guda ana kashe shi, sai ya kashe ya zo da sunansa. In ya kai ga an yi masa hukuncin zartarwa, wannan wata magana ce, kuma shi ne zai bayyana dalilin neman sunan wani. Ta biyu, yayan zai zauna a gidan? In tare za su zauna, to ba aron suna ba ne, sai dai kin samu ƙarin mutum da bai lissafa miki ba. In ba zai zauna ba, ki ce kina son magana da yayan da kanki, ya ji da kunnensa cewa 24,000 ɗin a wuyansa take ko ƙanin ya biya ko bai biya ba. Ni dai a ofis ba na rubuta sunan wanda ba zai zauna ba, ko da ya yarda.

Baba Haruna: Ni kuwa da zan ba shi. Mutumin da ya faɗi aibinsa da bakinsa kafin a tono, kuma yayansa ya yarda ya tsaya masa, me ake nema kuma? Ki tambaye shi mutumin ina ne, wataƙila ma mun san gidansu.

Zainabu 'Yar Damagaram: Baba, yanzu fa muka gama cewa a daina tambayar mutumin ina ne.

Baba Haruna: Tambayar kora daban, tambayar sanayya daban, 'yata.

Ummu Faisal: Na sake kiransa. Ya ce riyal 1,500 ne, bai kai kotu ba, yayan kuma a Ɗa'if yake ba zai zauna ba. Na ce masa in ya rufe waccan ya yarda a rubuta da sunansa, Asabar bayan la'asar ina Rusaifa. Ya ce zai yi magana da mai gidan nasa yau da dare ya sanar da ni. Akwai kuma wata mata da ta kira tana nema wa ɗanta da zai yi aure bayan sallah, ita ma na ce ɗan ya kira ni da kansa tunda sunansa za a sa.

Musa Sabon Zuwa: Anti in duk ba su zo ba mu dai muna nan.